Lamba uku a adashin unguwarmu

Shugaban adashinmu tsohon akawu ne, kuma ko da ya yi ritaya hannunsa bai yi ba. In zai rubuta saƙo, sai ya fara da sallama, ya bi da salati, ya tambayi iyali da zafin gari, kafin ya iso kan magana. Ni kuma a karatun saƙon waya ɗabi'ata ɗaya ce: in nemo sunana, in duba abin da ke gefensa, in tura hoton babban yatsa.

A tsakiyar Maris na 2024, ana cikin azumi, saƙonsa ya shigo zaurenmu na WhatsApp. Ga gundarinsa, bayan an cire gaisuwa:

"Mu goma sha biyu ne, kowa hannu ɗaya, naira 20,000 a wata. Zubi daga 25 zuwa 30 ga wata, a hannun Ma'aji. Wanda ya makara zai biya tarar naira 500 kowace rana. Taro Lahadin farko na kowane wata bayan La'asar, a nan ake miƙa kwasa. Taron farko 7 ga Afrilu. Ga jerin kwasa, ga kuma jerin gidajen da za a zauna."

Na gangara jerin farko. Sunana ne a can ƙasa, a gefensa an rubuta 3. Na leƙa jeri na biyu, na ga zama na uku a gidana za a yi. Shi ke nan, magana ta haɗu. Na ƙirga da yatsu: Afrilu, Mayu, Yuni. Ranar 2 ga Yuni naira 240,000 za su shigo hannuna, a cikin falona, ga Babbar Sallah tana tafe a tsakiyar watan. Har na ji tausayin Shugaba, don na ga 4 a gefen sunansa. Na ce wannan bawan Allah akwai tawali'u, ya bar sabon shiga kamata ya riga shi ɗauka.

Da a ce na ƙara karanta layi ɗaya, da na ga inda ya rubuta cewa lambar da ke gefen suna lambar wata ce. Jerin ya fara da 4, wato Afrilu, ya hau har 12, ya juyo 1, 2, ya tsaya a kaina. Uku ɗin nan Maris ne, kuma Maris na baɗi. Ni ne cikon benci.

Tun daga ranar tafiyata ta canja. Na je wurin maƙwabcinmu mai kiwo, na zaɓi wani rago fari mai baƙin wuya, ƙahonsa ya murɗe sau biyu. Muka yi ciniki a kan 180,000, na ajiye 30,000 kafin alƙalami, na ce cikon ranar 3 ga Yuni da safe. Yara suka raɗa masa suna, suna kai masa dusa bayan makaranta. Uwargida ta ce, "Baban Abba, ka dai tabbata da lissafin nan?" Na ce mata harkar adashi ta maza ba irin tasu ta naira ɗari biyu-biyu ba ce. Ita da ta shekara da shekaru tana uwar adashi a layinmu. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗe.

Tarukan Afrilu da Mayu ban je ba. Me zan je yi, kallon wasu suna ƙirga kuɗi? Da na je, da na ga Shugaba ya kwashe na farko da lambarsa 4, da na farka tun rago bai saba da mu ba. Iyakata in tura zubi, a Afrilu ma sai 3 ga Mayu na tura saboda albashi ya yi nawa, Ma'aji ya rubuta min tarar 1,500 ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ranar 2 ga Yuni na sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa darduma ta aro. Uwargida ta yi zoɓo mai abarba da cincin, ni kuma na ƙaro tsire, tunda mai ɗaukar dubu ɗari biyu da arba'in ba ya tarbar baƙi da ruwan leda. Na sa shadda, na zauna kusa da Ma'aji, gwiwata na taɓa jakarsa.

Aka buɗe da addu'a. Ma'aji ya kira suna ɗaya-ɗaya, kowa ya amsa ya zuba, ya zaro kuɗin ɗaure da roba, ya ƙirga a gaban jama'a. Na gyara zama, na goge tafin hannuna a riga. Sai Shugaba ya ce, "Wata na shida, Alhaji, bismillah." Wani Alhaji mai sayar da taya, bakinsa cike da tsirena, ya miƙo hannu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin an yi tsallake. Ni ne na uku."

Shugaba ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Malam, kai ne na watan uku. Ba ka karanta saƙon ba ne?"

"Na karanta, ranka ya daɗe."

"Har ƙarshe?"

Sai a lokacin zoɓo ya sarƙe wani, dariya ta ɓarke har yara suka leƙo ta labule.

Shugaba bai yi dariya ba, ya yi min bayani a natse, wanda ya fi dariyar ciwo. Wanda ya kwasa da wuri, in ji shi, bashi ya ci: na farko ya zuba 20,000 ya tafi da 220,000 na mutane, sai ya shekara yana biya ba ruwa. Na ƙarshe kuwa shi ke ba kowa rance. Adashi ba shi da jingina sai mutunci, saboda haka ba a sa baƙon hannu a gaba, don in ya kwasa ya kashe waya, babu abin da za a kama. Sai an ga zubinsa na zagaye guda tukuna. Ya buɗe littafi ya nuna min tarata ta Mayu, bai ce komai a kanta ba. Jerin gidaje kuma ƙuri'a aka jefa, ba ruwansa da kwasa.

Akwai ƙofa ɗaya: musayar wata, in mai watan ya yarda a gaban shaidu. Na juya wajen Alhaji da murya mai taushi. Ya ce ai tun bara ya roƙi watan Sallah, sannan ya tambaya ko akwai sauran yaji.

Washegari na je wajen mai kiwo da dogon bayani. Ya saurara, ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa, amma saboda maƙwabtaka zai juya min shi kan wani ɗan bunsuru. Cikon kuɗin uwargida ce ta ba ni rance daga adashinsu na ɗari biyu-biyu, ta sa na sa hannu a littafinta. Ranar Sallah, 16 ga Yuni, ragonmu ya wuce ta ƙofar gida a bayan a-kori-kura, yara suna kiran sunansa.

Kuɗina sun zo ranar 2 ga Maris na 2025, wani azumin ya kama. A tsakani hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a Disamba, don haka dubu ɗari biyu da arba'in ɗin da na yi wa lissafin rago da ɗinkin yara, shinkafa da gero da sukari da mai suka cinye su, na biya uwargida bashinta daga abin da ya rage.

A sabon zagaye Shugaba ya rubuta watanni da sunayensu, ya ce saboda wasu. An kuma duba zubina an yi min ƙarin girma: yanzu Fabrairu nake, wani sabon shiga ne a Maris. Na ga ya tura babban yatsa minti ɗaya bayan saƙon ya shigo, kuma jiya na hange shi a wajen mai kiwo.