Kumfa a Ƙarƙashin Kwano: Alhaji, Sauko Mu Yi Magana

Ka ce zafin kwano ya ishe ka a Nima, wani yaro kuma ya tare ka a Kasuwar Makola ya ce a fesa wa rufin kumfar foliyuretan daga ciki, zafi ya tafi, yoyo ya tsaya? Zafin dai zai ragu, ban musa ba. Yoyon fa? Alhaji, ɓoye shi za a yi maka, kuma da kuɗinka.

"Ai kumfa kumfa ce." Kai, Alhaji! Iri biyu ce. Mai buɗaɗɗun ƙofofi taushi gare ta, ka danna da yatsa ta lotsa, nauyinta wajen kilo 8 a kowace mita kubik. Mai rufaffun ƙofofi ta kai wajen kilo 32, ga tauri, ga tsada.

Na ga idonka ya koma kan mai arahar. To, soso ce, danshi na ratsa ta. Accra kuwa bakin teku take, iskarta a jiƙe. Da dare kwano ya huce, danshin ɗaki ya bi ta cikin kumfar ya zama raɓa a jikin kwanon, tsatsa ta kama aiki inda idonka ba ya kaiwa.

Ka ce to a kawo mai tsadar, kai ba matsiyaci ba ne? Madalla, danshi ba ya ratsa ta da sauƙi. Amma ƙusar nan da ta kwance tun damunar bara fa? Da, ruwan Yuni ya ɗiga kan tabarmarka, Hajiya ta tara bokiti, ka kira kafinta. Yanzu sai ya maƙale tsakanin kwano da katako, kumfa ta hana shi fita, katako ya yi ta ruɓewa shiru. A Birtaniya har wasu bankuna na ƙin ba da bashin gida a kan rufin da aka fesa, don mai dubawa ba ya ganin katakon.

Sai yaron naka. Sinadarai biyu yake haɗawa, daidai wa daida, da zafinsu. Ɗaya ya rinjaya, kumfa ta yi danƙo da ƙarnin kifi, ko ta yi gautsi ta janye daga jikin katako. Ya fesa kan kwano mai raɓa da sassafe, ta yi bororo ta ɓare. Mai rufaffun kuwa zafi take fitarwa tana kumbura, shi ya sa ba a wuce kaurin santimita 5 a feshi ɗaya. Mai gaggawa ya lafta, cikinta ya ƙone.

"Ai ya rantse mini." Na ji. In dai sai ka fesa, to kafinta ya fara hawa ya toshe kowace kafa, a bar katako ya bushe. In yaron ya gama, ka yanki guntu ka duba cikinsa ka shinshina, sannan ka zaro sidinka. Kuma a buga silin a rufe ta, don kumfar nan wuta na cinta, gidajen Nima kuwa kafaɗa da kafaɗa suke.