In an ce me ya raba ka da wancan aikin

Mu nan Dutsin-Ma da Kurfi muna da amsoshi uku da muke ajiyewa don ranar da mai ɗaukar aiki zai ɗago kai daga takardu ya ce, "To, me ya raba ka da inda ka baro?" Ta farko ita ce "Ni na bari da kaina." Ta biyu, "Hassada aka yi mini." Ta uku kuma, wadda muka fi so domin tana rufe baki, "Zama ne ya ƙare, haka Allah Ya ƙaddara." Duk majalisar da ka zauna bayan la'asar, daga bakin tasha har rumfar mai shayi, ɗaya daga cikinsu za ka ji ana koya wa yaro kafin ya tafi intabiyu. Da kyakkyawar niyya ake koyarwa, amma sau da yawa su ne ke hana yaron aikin.

Dalilin a fili yake: garuruwan namu ba su da faɗin da magana za ta ɓace. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta, wuraren aiki sun ƙaru: makarantu masu zaman kansu, gidajen mai, shagunan magani, gidajen kwanan ɗalibai. Amma masu su tsiraru ne, kuma sun san juna. Suna haɗuwa a masallacin Juma'a, a ɗaurin aure, a kasuwar Laraba. Mai makarantar da kake zaune gabansa yau, da wuya a ce ba shi da lambar wanda ya sallame ka bara. Kafin ka kai gida ya buga waya. Wani lokaci ma ya riga ya buga tun jiya, tambayar da yake maka gwaji ce kawai: yana so ya ji ko bakinka zai zo daidai da abin da ya sani.

A unguwarmu akwai wani dattijo, tsohon hedimasta, wanda tun da ya yi ritaya masu makarantu ke gayyatarsa ya zauna musu a teburin tantance malamai. Shi ya fi kowa faɗa da waɗannan amsoshi namu. Ya ce in mutum ya ce shi ya bari, tambaya ɗaya ke kwance shi: "A wane wata?" Malamin da ya ajiye aiki don kansa yakan jira ƙarshen zango ya karɓi albashinsa. Wanda ya ce ya bari ana saura mako biyu jarrabawa, kuma ba shi da wani aikin a hannu, ya riga ya ba da amsa bai sani ba. Mai cewa hassada ce kuma, dattijon ya ce ba ya ƙaryata shi, domin ana yin hassada. Sai dai mai makarantar da ke saurare ba tsohon ubangidan yake aunawa ba, kansa yake aunawa: yadda ka yaga wancan a gabana, haka za ka yaga ni a gaban wani. Ita kuwa ƙaddara, duk mun yi imani da ita, amma ba a tambaye ka wa ya hukunta ba, an tambaye ka me ya faru.

Akwai wani saurayi ɗan Kurfi da labarinsa ya zaga majalisu, don shi ya bi wata hanya dabam. Ya gama Isa Kaita, ya samu koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Dutsin-Ma, yana kwana a Kurfi wurin mahaifiyarsa, kullum sai ya jira mota a bakin titin Katsina. A makarantar akwai rajistar sa hannu a kan teburi a bakin ofis. Ƙarfe bakwai da rabi na cika, mataimakin hedimasta zai ɗauki jan biro ya ja layi. Duk sunan da ya faɗo ƙarƙashin layin ya makara. Da rani sunansa na sama. Da damina ta sauka, gonar gida ba mai duba ta sai shi, sai sunan ya fara zamewa ƙasa, daga nan kuma ya fara ɓacewa ɗungurungum, ranar shuka, ranar noman farko, ranar zuba taki. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka ba shi ta biyu, bai amsa ko ɗaya a rubuce ba. Ta uku ita ce ta sallama.

Da wata makarantar ta kira shi, abokansa suka ce ya ce albashi ne ya yi kaɗan. Sai ya je wurin dattijon nan ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, in suka tambaye ni, me kuke ganin zan ce?"

"Ɗana, fara ɗauko mini takardar da suka ba ka. Me aka rubuta a ciki?"

Wannan shi ne matakin farko, kuma yawancinmu muna tsallake shi. Mu duk rabuwa da aiki "kora" muke ce mata, alhali a takarda ba ɗaya ba ne. Akwai wanda wa'adin kwantiraginsa ya cika ba a sabunta ba. Akwai wanda aka rage don ɗalibai sun yi kaɗan ko ciniki ya faɗi. Akwai wanda aka dakatar da aikinsa aka ba shi notis ko kuɗin notis. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma, a sashe na 11, ta yanka wa ƙananan ma'aikata wa'adin, daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba har zuwa wata guda ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. Sannan akwai kora ta laifi. Mutum sai ya shiga ɗakin intabiyu yana rawar jiki da nauyin da takardarsa ba ta ɗora masa ba. In rage ma'aikata aka yi, ka ce rage ma'aikata aka yi, ka nuna takardar, magana ta ƙare.

Ta saurayin nan kuwa ta faɗi laifin ƙarara: yawan makara da fashin aiki ba da izini ba. Dattijon ya karanta, ya ninke, ya miƙa masa.

"To ka ga, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abu uku za ka faɗa, kada ka ƙara na huɗu. Abin da ya faru, rabonka a ciki, da abin da ka gyara. Kana gamawa ka yi shiru."

Suka zauna suka tsara, ya maimaita da baki har muryarsa ta daina rawa. Ranar intabiyu, da aka jefo tambayar, ga abin da ya ce:

"Ranka ya daɗe, sallamata aka yi. Da daminar bara na riƙa makara, wasu ranakun ban zo ba, saboda ina zuwa daga Kurfi ina kuma duba gonar gida. An gargaɗe ni sau biyu, ban je na yi bayani ba, ban kuma nemi izini ba. Wannan laifina ne, makarantar ba ta zalunce ni ba. Yanzu na kama ɗaki a nan cikin gari, gonar kuma ƙanena ke riƙe da ita. Ga lambar mataimakin hedimastanmu na can, na sanar da shi za ku iya kira."

Bai kai minti ɗaya ba. A duba yadda aka gina amsar. Kalmar da ake tsoro ita ta fara fita, don haka ba sauran abin da za a tono. Dalilin ya zo a matsayin bayani, ba a jingina laifin da shi ba. Gyaran kuma abu ne da ake iya dubawa: ɗaki yana da unguwa, ƙane yana da suna. "Na tuba, ba zan ƙara ba" kowa na iya faɗa. "Na dawo cikin gari" sai wanda ya dawo. Sannan shi da kansa ya miƙa shaida, bayan ya je ya gaida mutumin ya nemi yardarsa. Wannan zuwan yana da wuya, amma ya fi komai amfani, domin wanda ka je ka gaisar da wuya ya ɓata ka a waya.

Shirun da ke biyo baya shi ne inda muke faɗuwa. Mai tambaya zai sunkuya yana rubutu, ɗakin ya yi tsit, sai zuciya ta ce maka ƙara wani abu. Nan ne ake fara "ai dama shi ma mai makarantar yana riƙe albashi," sai a rushe abin da aka gina. Saurayin ya ɗora hannuwansa a gwiwa ya jira. Suka tambaye shi darasin kasafi na aji biyar, ya tashi ya yi a allo. Suka ɗauke shi gwajin zango ɗaya, da sharaɗin rajista ce za ta yi hukunci.

Da ake ba da labarin a majalisa, wani mai gidan mai ya ce wannan mai sauƙi ne, makara ce. In kuɗi ne fa? Gaskiyarsa. Yaron da aka sallama don lissafin famfo bai cika ba, in ya san bai ci ba, kada ya amsa laifin da bai yi ba don a ce yana da ladabi. Sai ya ce, "An samu giɓi a lissafin da nake riƙe, aka ɗora mini. Ban ɗauka ba, amma ban riƙa rubuta lambar mita a gaban wanda na karɓa daga hannunsa ba, shi ya sa na kasa kare kaina. Yanzu ba na karɓar famfo sai mun sa hannu mu biyu." Bai zagi kowa ba, bai kuma ɗauki abin da ba nasa ba. In kuwa ya ci, to gyaran ba a ɗakin intabiyu yake farawa ba. Sai ya biya tukuna, ya samu babban da zai tsaya masa, ya kuma yarda cewa ba za a damƙa masa aljihun teburi a watan farko ba. In maganar tana gaban kotu, ya faɗi haka a taƙaice, kada ya shiga yanke hukunci da bakinsa.

Ga masu neman aikin gwamnati kuma abin ya fi tsauri, domin akan tambaya a rubuce ko an taɓa korarka, ka sa hannu a ƙasa. Wanda ya ɓoye, in aka gano ko bayan shekaru ne, ɓoyewar kanta ta isa a raba shi da aikin.

Ba wanda ya ce gaskiya na ba da aiki kowane lokaci. Akwai mai ɗaukar aikin da yana jin kalmar sallama zai rufe fayil, kuma haƙƙinsa ne. Amma wanda aka ƙi a kan gaskiya wuri ɗaya ya rasa. Wanda aka kama da ƙarya a Dutsin-Ma, kafin Laraba mai zuwa an ji a Kurfi, an ji a Safana. Saboda haka in ƙanenka ko ɗan maƙwabcinka ya zo neman abin da zai ce, kada ka ba shi ɗaya daga amsoshin nan uku. Ka ce ya ɗauko takardar, ku karanta tare, ku fitar da maganganun uku, sannan ka raka shi ya je ya gaida tsohon ubangidansa kafin ranar.