Na'urar sanyin da ba ta son jira

Na'urar sanyin mota a Yamai ma'aikaciya ce mai sharaɗi. A hanyar Dosso sai ka nemi bargo. Da an shigo cunkoson unguwar Dar es Salam a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sai ta koma hura maka numfashi. Laifin ba nata ba ne duka. Ita ba ta ƙera sanyi, zafin cikin mota take kwashewa ta zubar ta kondansa, wato ragar da ke gaban lagireto. In mota na gudu, iska na wanke ragar kyauta. In an tsaya, fanka kaɗai ta rage, abin da take ja kuwa hucin kwalta ne da hayaƙin tsohuwar tasin da ke gaba. Kwampiresa ma injin ke juya shi da bel. A tsaye injin na yin kamar juyi 800 a minti, a kan hanya ya wuce 2,000.

Makaniki zai ce gas ne ya ƙare. Kullum gas ne, ko madubi ya fashe. To gas ɗin da ya ƙare a Dar es Salam, wa ya mayar da shi kafin Dosso? Ƙarancinsa na iya rage sanyi, gaskiya ne, amma cika shi fiye da ƙima na ɗaga matsi har kwampiresa ya katse aiki. Gwajin ba ya cin ko dala. A tsaya, a kunna na'urar, a buɗe bonet: fankar na juyawa? Sai a watsa wa ragar ruwa. In sanyi ya dawo nan take, iska ce ba ta ratsawa: ko fankar ta gaji, ko ƙurar hunturun bara na nan zaune a ragar ba ta biyan haya.