Yadda Ake Matse Hirar Minti 40 Ta Koma Minti Ɗaya da Rabi

A ce ke ce sabuwar mai gabatarwa a wani gidan rediyo na Tasawa. Kin je wajejen Mayahi, kin zauna da wani dattijo mai saƙar tabarma a bakin Gulbin Kaba, kin tambaye shi dalilin da ya sa goruba ke ƙaranci. Ya ba ki minti 40. Darakta ya leƙo ya ce: "Ɗiyata, minti ɗaya da rabi nake so, labarai ƙarfe bakwai." Yanzu shida da kwata.

Kada ki saurari hirar daga farko. Mintuna biyar na farko gaisuwa ce: gajiya, iyali, damina, har da lafiyar darakta da Baba bai taɓa gani ba. Ki buɗe Audacity, ki tsallake, duk inda ya faɗi magana mai nauyi ki danna Ctrl+M ki sa alama. Za ki samu wurare shida. Biyar daga ciki labarin kakansa ne, kuma sun fi daɗi, amma ba su aka aike ki ba. Ki ɗauki inda ya ce idan ana yanke kaba tun tana ƙarama, shekara bayan shekara, ba ta samun damar miƙewa ta zama goruba. Labarin ke nan.

Sai gyara, kuma nan ake shiga uku. A ce Baba ya ce: "Ba a hana yankan kaba ba, a dai bar wasu su girma." Akuya ta yi kuka daidai farkon maganar, kin datse. Kin ga lokaci ya wuce da daƙiƙa huɗu, kin datse wutsiyar. Abin da ya rage: "A hana yankan kaba." Gobe duk masu tabarma da igiya na kasuwar Mayahi za su nemi gidan Baba, shi kuma zai nemi naki. Don haka kafin ki goge komai, ki zaɓi wurin, ki danna C: za ki ji yadda maganar za ta haɗu bayan yanka. In ma'ana ta karkace, ki bar akuyar. Ita ma 'yar garin ce.

Ki danna Z kafin yanka don kada a ji "ƙas" a mahaɗa. Kada kuma ki share masa numfashi duka, masu sauraro za su ɗauka ana bin sa da sanda.

Ctrl+S kuwa, ki riƙa danna shi bayan kowane yanka, domin wuta ta san lokacin labarai fiye da ke. Ƙarfe bakwai saura biyar ki fitar da MP3, ki sa masa suna mai ma'ana, kada mai kula da na'ura ya saka wa jama'a cikakkiyar hirar, tun daga "ina gajiya".