Hawa da Fahari, Sauka da Ɗuwawu

Baƙi na yi daga Maraɗi, na ce ba za su koma ba sai sun ga Hasumiyar Gobarau. Ni ne a gaba wajen hawa, babbar riga a kafaɗa, ina ta zuba tarihi: ginin ƙasa ne, tsawonsa kimanin mita 15, tun zamanin Sarki Muhammadu Korau. Da aka zo sauka, ina sako ƙafar dama sai na ji kamar an soka mani ƙusa a bayan ƙoƙon gwiwa. Na zauna a kan matakala, na ce ina nazarin ginin magabata. Haka na yi ta nazari, ina jan ɗuwawu daga matakala zuwa matakala har ƙasa, almajirai na yi mani sannu.

Kafin magariba unguwa ta cika da likitoci. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho, Hajiya ta dulmiya ni cikin man zafi har idona na hawaye. Sai ga 'yar yayata, mai aikin gashin ƙashi a asibiti. Ta lallatsa gwiwar, ta tambaya ko ta kumbura, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko ta taɓa sullewa na faɗi. Na ce a'a. Ta ajiye tubali ta ce in hau, in sauko a hankali. Ina saukowa gwiwar ta karkata ciki tana karkarwa.

"Kawu, gwiwarku ba ta da laifi sosai. Birkinku ne ya mutu."

Ta ce a wajen sauka tsokar gaban cinya ce ke riƙe jiki kada ya rufta, kamar birkin motar da ta yi lodin buhuna a gangara. Yayin da take riƙon, tana danna ƙoƙon gwiwa a kan ƙashin cinya da ƙarfin da ya kai ninki uku na nauyin mutum ko fiye. Ni mai kilo 85, ƙoƙon nan yana shan sama da kilo 250 a kowace matakala. Idan kuma tsokar ɗuwawu da ta gefen kwatangwalo sun yi laushi saboda zaman ofis da na mota, gwiwa na faɗawa ciki, ƙoƙon ya riƙa gogar gefe guda. Shi ya sa zafin yake ta gaba, yake kuma tashi bayan dogon zama ko tsuguno.

Na ce to ba amosanin gaɓɓai ba ne? Ta ce a shekaruna yana iya haɗuwa da shi: alamarsa gwiwa ta sandare da safe na ɗan lokaci, ta saki in an motsa, tana ƙaraf-ƙaraf. Shi ma motsin ne maganinsa na farko. Wadda ba a wasa da ita ita ce gwiwar da ke maƙalewa, don wataƙila guringuntsin ciki ya yage, ko wadda ta kumbura ta yi zafi rau da zazzaɓi. Wannan asibiti kai tsaye.

Sai ta yanka mani aiki. In kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, in ɗaure cinyar ɗayar in ɗaga ta a miƙe zuwa tsayin waccan gwiwar, in sauke a hankali. In juya gefe in ɗaga ƙafar sama ba tare da ƙugu ya kwanta baya ba. Kowanne sau 10, zagaye 3, ana tsallake rana ɗaya. Sannan in jingina baya da bango, ƙafafu a ɗan gaba, in zame ƙasa kaɗan, in tsaya daƙiƙa 20. Idan waɗannan sun zauna, a koma kan tubali mai tsayin santimita 10, ana sauka sannu, ƙoƙon gwiwa yana saitin yatsa na biyu. Ɗan zafi ba komai, amma in ya kwana ya ƙaru an zarce, a rage. Ta ce kada in sa ran sauyi kafin mako 6, wani sai 12. Kafin nan, a bene ƙafa mai ciwo ce ke fara sauka, hannu na kan ƙarfe.

Na bangon nan shi ne mugu. Ido yana ganin ba abin da kake yi, cinya kuwa tana ci da wuta. Ina cikinsa a zaure ran nan, gumi na tsiyaya, fuska a murtuke, maƙwabcina ya yi sallama. Ya dube ni zaune a kan kujerar da babu ita, ya ja da baya a hankali, ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya:

"Hajiya, tun yaushe abin ya fara mashi?"