Ire-iren Masu Rubuta Wa Mai Zanen Katun Gyara

Takardar gyara mai amfani tana faɗin abu uku: wurin da matsalar take, abin da mai kallo ya gani, da abin da labarin ke so ya ji. Masu rubuta ta sun kasu bisa abin da suke mantawa da shi.

Mafi yawa a cikinsu shi ne Mai Armashi. An tura masa sin na sakan 4, wato firam 96, inda yarinya ke karanta wasiƙar baƙin ciki tana ɓoye wa ƙanenta. Amsarsa: “A ƙara armashi.” Aka hanzarta motsin, ya ce armashin ya yi yawa. Aka sassauta, ya ce yanzu kuma “babu rai”. In an tambaye shi wane firam, sai ya lumshe ido, ya murza yatsu kamar mai barbaɗa gishiri a miya, ya ce: “Ai ka gane.” A zagaye na ƙarshe yakan zaɓi aikin farko, ya yaba yadda gyaransa ya taimaka.

Mai Yabo yana rubuta “Masha Allah” kawai. Ana ƙaunarsa, amma ba a ƙaruwa da shi.

Mai Gaggawa yana kukan launin riga tun ana matakin tsara manyan tsayuwar jiki, lokacin da ba a ma saka launi ba.

Mai Ƙirge ya san firam, bai san dalili ba: “A ɗaga gira a firam 47.” Ko a Pixar, majalisar Braintrust matsala take nunawa, ta bar wa darakta neman magani.

Akwai Mai Lacca, wanda gyaransa ya fi sin ɗin tsawo. Masu rubuta kasidu kan gyara galibi daga nan suke fitowa.

Wanda ba abin dariya ba ne shi ne Mai Zuwa a Makare. Ya amince da tsarin motsi, ya yi shiru har aka gama ƙawata shi, sannan ya ce yarinyar ta miƙe tsaye, ya ƙara da cewa mai zanen “bai iya ba”. Ya zubar da aikin makonni, ya kuma soki mutum a maimakon sin.

Rukunin da ya fi ƙaranci yana rubuta haka: “Saukar kafaɗunta a firam 70 ta yi daidai, kada a taɓa. Murmushin firam 40 ya zo da wuri, sai ya zama kamar wasiƙar ta faranta mata, alhali ɓoye damuwa take yi. Ko za a riƙe idonta a kan takardar kamar firam 12, rabin sakan, kafin ta ɗago?” Da irin wannan takarda mai zane ya san abin da zai bari, da abin da zai gyara, da dalilin gyaran.