Yallaɓai, Rahoto Ba Zai Samu Ba

Mutumin Ƙanƙara in ya shiga ofishin manajansa ba ya fara da abin da ya kawo shi. Sai ya yi sallama, ya rusuna, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, har jikin surukar manajan da bai taɓa gani ba sai ya ji ya ta ƙara ji. Amma ka ba wa wannan bawan Allah waya ka ce ya tura imel, nan take sai ya koma alƙalin da ke yanke hukunci. Layi ɗaya tak:

"Rahoto ba zai samu ranar Juma'a ba."

Ba sallama, ba suna, ba dalili. Gurbin Subject ma fayau. Kuma ya tura shi ne ranar Juma'ar da kanta, ƙarfe ɗaya saura kwata, yana saka hula zai tafi masallaci, daga nan waya a kashe sai Litinin.

Mu ɗauki misalin wani malamin gona da ke yi wa wani kamfanin sayen masara da waken suya aiki. An ba shi ƙungiyoyin manoma 60 a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya tattaro yawan buhunan da kowacce ta samu, ya miƙa wa manajansa da ke Funtuwa ranar Juma'a 10 ga wata. Ya gama da 25 na Ƙanƙara da 20 na Faskari, saura 15 na Sabuwa. Wato kashi uku cikin huɗu na aikin yana jakarsa. Amma wanda ya karanta layin nan zai rantse cewa tun da aka ba shi aikin yana gindin bishiya yana shan rake. Mutum ya sha rana daga Ƙetare zuwa Daudawa, sannan ya zo da hannunsa ya rubuta wa kansa takardar shaidar lalaci.

Abin da layin ya yi shi ne sanarwa, alhali ba shi da ikon sanarwa. Ranar ta manaja ce, shi ma akwai wanda ke jiransa a sama, akwai motocin da ba za a ɗauko haya ba sai an san yawan buhu. Saboda haka roƙo ake yi, ba shela ba.

To sai dai a kula, akwai ƙanin wannan mutumin, wanda ya ji an ce a riƙa ladabi sai ya ɓalle. Shi imel ɗinsa yakan fara da fatan alheri sakin layi uku, da addu'ar Allah ya ƙara girma, ya ja zamani, ya kai manaja kujerar darakta. Can ƙasa, bayan yatsan manaja ya gaji da ja, sai ka tarar da: "Rahoto kuma in sha Allahu nan ba da jimawa ba." Duk Musulmi ya san in sha Allahu wajibi ce a kan abin da za a yi gobe, amma ba a taɓa ganin ta a kalanda tsakanin Talata da Laraba ba. Ana faɗin rana ne, sannan a bi ta da in sha Allahu. A wajena gara na farkon, shi aƙalla bai ci wa manaja data ba.

Ga yadda malamin gonar nan ya kamata ya rubuta, kuma ranar Talata 7 ga wata, lokacin da ya riga ya hango Sabuwa ba za ta kammalu ba. A gurbin Subject: "Neman ƙarin lokaci: rahoton girbi, zuwa Laraba 15 ga wata". Sannan:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan an wuni lafiya.

Ina neman alfarmar a ɗaga mini ranar miƙa cikakken rahoton girbi daga Juma'a 10 zuwa Laraba 15 ga wata. Na kammala ƙungiyoyi 45 cikin 60, wato na Ƙanƙara da Faskari, ga su na haɗa da wannan saƙo. Saura 15 na Sabuwa, waɗanda ba su gama sussuka ba, sun ce sai Litinin za a san adadin buhunansu. Zan karɓa Litinin da Talata, in turo ranar Laraba kafin azahar in sha Allahu. Idan ɗagawar za ta kawo cikas, zan iya turo ƙiyasin Sabuwa ranar Juma'a, in biyo da tabbataccen adadi daga baya. Na gode ƙwarai."

Sai suna da muƙami a ƙasa. Manaja zai karanta wannan kafin shayinsa ya huce, kuma amsarsa ba ta wuce "Ba damuwa" ko "Turo ƙiyasin". An ba shi zaɓi biyu, ya ji shi ne mai gida. Ka lura gaisuwar layi ɗaya ce, roƙon kuma ya zo a jimla ta farko bayanta, ba a ɓoye shi a ƙarƙashin addu'o'i ba.

Kan zaɓen ranar ma akwai wauta iri biyu. Mai tsoro zai ce Litinin don a ga ƙwazonsa, alhali ranar ce ma zai fara karɓar adadin, sai ga shi ya dawo neman ƙari na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci nesa ba kusa ba. Mai haɗama kuma zai nemi wata guda, tun da an buɗe ƙofa.

Sai batun dalili, inda jama'armu suka fi nuna basira. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, kuma Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki. Watanni aka yi "ba sabis" gaskiya ce tsagwaronta. An daɗe da maido da layukan, amma wasu ma'aikatan har yau ba a sanar da su ba. Mutum zai ce ba sabis tun Litinin, manaja kuwa yana kallon hotunan ɗaurin auren da ya ɗora a WhatsApp daren Laraba, da babbar riga, yana dariya. Wani kuma sai ya jero dalilai biyar: ba sabis, ba wuta, babur ya lalace, baƙi sun zo, ga mura. Kowane ƙari rage wa na gabansa daraja yake yi. Ɗaya ya isa, in dai na gaskiya ne.

Wanda ba na wasa ba shi ne na hanya. In an ce kada a bi wata hanya a makon nan, a rubuta haka ƙarara, a ambaci ƙauyukan da abin ya shafa. Babu rahoton masarar da ya kai ran mutum, kuma don haka ne bai dace mai ƙiwa ya ari wannan dalilin ya yafa ba, domin gobe abokin aikinsa zai faɗa da gaske a yi masa kallon maƙaryaci.

Saura tarko biyu ƙanana. Kada ka rubuta "ga su na haɗa" sannan ka manta ba ka liƙa fayil ɗin ba, abin da ke haifar da imel na biyu mai cewa "Afuwan Yallaɓai". Kada kuma ka saka shugaban manajanka a CC don ka nuna kai mai gaskiya ne, a ofis sunan wannan kai ƙara.

In an wuni ba amsa, kira shi a waya. A nan kana da damar tambayar jikin surukar.